Mai Shigar da Bayanai da Yake So Ya Ci Gaba: Me Ya Kamata Ya Koya?

Tambaya: Assalamu alaikum. Malam, shekarata huɗu ina aikin shigar da bayanai a kwamfuta, yawanci takardun neman biya da rasit, kuma ana biyana ne gwargwadon yawan layukan da na buga. Hannuna ya yi sauri, amma abin da nake samu bai motsa ba. Ba ni da halin komawa makaranta. Idan abu ɗaya kawai zan ƙara koyo, wanne ne zai kai ni ga aikin da ya fi daraja?

Amsa: Wa alaikumus salam. Shawarata ita ce ka koyi tantance bayanai da daidaita su, wato ka iya ɗaukar jerin takardun da aka fitar da jerin kuɗin da aka biya, ka gwama su, ka fito da abin da ya maimaitu, da abin da ya ɓace, da abin da bai yi daidai ba. Kayan aikin da zan so ka yi wannan da shi kuwa shi ne SQL, harshen da ake yi wa rumbun bayanai tambaya da shi. Zan fara da dalilin zaɓin, domin idan ka fahimci dalilin za ka iya gyara shawarar idan yanayin aikinka ya bambanta da yadda nake zato.

Saurin hannu yana da iyaka, kuma da alama ka riga ka kai ta. Ko da ka ƙara kashi goma cikin ɗari a kan saurinka, wanda yake ba ka aikin ya san akwai mutane da yawa da za su buga layukan nan kamar yadda kake buga su, kuma na'urar da take karanta rubutu daga hoton takarda tana ƙara cin wani ɓangare na aikin. Masana tattalin arziki uku, David Autor da Frank Levy da Richard Murnane, sun yi bayani tun a 2003 cewa kwamfuta takan maye gurbin mutum a aikin da ake iya rubuta ƙa'idarsa daki-daki, amma takan ƙara wa mutum ƙarfi a aikin da yake buƙatar hukunci da warware matsala. Buga layi yana cikin kashi na farko. Yanke hukunci a kan ko waɗannan takardu biyu masu lamba ɗaya takarda guda ce aka shigar sau biyu, ko kuwa takardu biyu ne daban da aka yi wa kuskuren lamba, yana cikin kashi na biyu.

Hanyar gane sana'ar da za ta dace da wadda kake da ita ita ce ka bi fayil ɗinka bayan ya bar hannunka. Wa yake karɓarsa, kuma me yake ɓata masa lokaci a kai? A irin aikinka, akanta ne ko mai kula da lissafi yake karɓa, kuma a ƙarshen kowane wata yakan shafe kwanaki yana neman dalilin da jimlar takardu ba ta yi daidai da jimlar biya ba. Wannan mataki yana maƙwabtaka da naka, kuma kana da wani ilimi game da shi wanda ɗan kwas ɗin kwamfuta ba shi da shi. Ka san wane mai kawo kaya ne yake rubuta bakwai kamar ɗaya, ka san wane reshe ne yake aiko da takarda sau biyu, ka san wanda yake fara rubuta wata kafin rana. Da za ka tafi koyon zanen hoto ko gina shafin intanet, duk wannan sani na shekara huɗu zai zama ba shi da amfani, kuma za ka shiga sahun masu farawa daga tushe. Shi ya sa ba na ba mutum irinka shawarar ya bi abin da ake yayi.

Game da SQL kuwa, tsohon kayan aiki ne da ba ya saurin canjawa. Donald Chamberlin da Raymond Boyce ne suka ƙirƙiro shi a kamfanin IBM cikin shekarun 1970, bisa tsarin da Edgar Codd ya wallafa a 1970, kuma an yi masa ƙa'ida ta bai ɗaya a 1986. Abin da ka koya yau zai yi maka aiki a kusan kowane rumbun bayanai da za ka tarar, da ɗan bambanci kaɗan. Ba ka buƙatar sayen komai domin farawa: SQLite kyauta ne, kuma akwai manhaja mai suna DB Browser for SQLite da take ba ka damar shigo da fayil ɗin CSV, wato tebur ɗin bayanai da aka adana a matsayin rubutu zalla, ka yi masa tambaya a kan kwamfutar da kake da ita, ko da babu intanet.

Bari in ɗauki misali ɗaya in bi shi har ƙarshe. Alƙaluman na ƙaddara su ne domin bayani, amma matsalolin su ne ainihin waɗanda ake cin karo da su. A ce an ba ka fayil biyu na wata uku. Na farko, wanda za mu kira `takardu`, yana da layi 4,200, kowane layi da lambar takarda da adadin kuɗi. Na biyu, `biya`, yana da layi 3,950, kowanne da lambar takardar da aka biya da adadin da aka biya. Tambayar manaja ita ce: waɗanne takardu ne har yanzu ba a biya ba?

Kafin ka taɓa komai, ka rubuta waɗannan lambobi biyu a takarda, tare da jimlar kuɗin kowane fayil, sannan ka yi aiki a kan kwafi, ka bar na asali yadda yake. Wajen shigo da fayil ɗin kuma, ka ayyana lambar takarda a matsayin rubutu, `TEXT`, adadin kuɗi kuma a matsayin lamba. Lambar takarda suna ce, ba a tara ta ba a raba ta, kuma za ka ga nan gaba abin da yake faruwa idan aka ɗauke ta a matsayin lambar lissafi. Tambaya ta farko ita ce ta neman maimaici:

```sql
SELECT lamba, COUNT(*)
FROM takardu
GROUP BY lamba
HAVING COUNT(*) > 1;
```

Ma'anarta ita ce: tara layukan da suke da lamba ɗaya wuri guda, ka nuna mini waɗanda suka fi ɗaya. A ce ta fito da lamba 37, kowacce ta bayyana sau biyu. A nan ne mai sabon ilimi yakan yi kuskuren farko, ya goge duka 37 ɗin da umarni ɗaya yana murna. Kai kuwa ka koma ga takardun asali ka duba su ɗaya bayan ɗaya. Za ka iya tarar da cewa 30 daga ciki takarda guda ce aka shigar sau biyu, rana ɗaya, adadi ɗaya, mai saye ɗaya, amma 7 takardu ne daban waɗanda aka buga wa lambar maƙwabciyarsu. Na farko ana cire su, na biyu ana gyara musu lamba. Da ka goge su duka, da ka shafe bashin mutum bakwai daga littafi ba tare da kowa ya sani ba. Yanzu layukanka sun koma 4,170, kuma ka rubuta dalilin raguwar.

Tambaya ta biyu ita ce ainihin abin da manaja ya nema:

```sql
SELECT t.lamba, t.adadi
FROM takardu t
LEFT JOIN biya b ON b.lamba = t.lamba
WHERE b.lamba IS NULL;
```

`LEFT JOIN` yana ɗaukar kowace takarda ya nemo mata abokiyar zama a cikin `biya`, kuma idan bai samu ba sai ya bar wurin babu komai, abin da ake kira `NULL`. Layin ƙarshe yana cewa a nuna waɗanda ba su sami abokiyar zama ba kawai. A ce amsar ta fito 612. Kada ka kai wa manaja wannan lamba. Ka zaɓi goma daga ciki, ka neme su da idonka a fayil ɗin biya. Idan ka ga takarda mai lamba `00417` a fayil na farko, a na biyu kuma an rubuta `417`, to ka gano cutar. Wani ya buɗe fayil ɗin biya a Excel ya adana shi, Excel kuma ya ɗauki lambar a matsayin ta lissafi ya zubar da sifilin da ke gaba. Ga mutum lamba ɗaya ce, ga kwamfuta kuwa rubutu biyu ne daban. Wasu kuma za ka tarar an bar tazara a bayan lambar, wadda ido ba ya gani. `TRIM(lamba)` yana cire tazarar, kuma idan dukkan lambobin gida biyar ne babu harafi a cikinsu, `printf('%05d', lamba)` a SQLite yana mayar da sifilin. Wannan sharaɗi na gida biyar sai ka tabbatar da shi tukuna, domin idan akwai lamba irin `A417` a ciki, umarnin zai lalata ta. A ce bayan gyara 180 sun dawo saboda sifili, 22 saboda tazara, sai 612 ta koma 410. Mutum 202 ke nan da za a aika wa takardar neman bashin da suka riga suka biya.

Ba ƙaramin abu ba ne irin wannan ɓarnar da fayil yake yi a ɓoye. Excel ba ya riƙe fiye da gida 15 na lamba, saboda haka lambar asusu mai gida 16 takan koma da sifili a ƙarshenta. Yakan kuma mayar da rubutu kamar `3-4` ya zama kwanan wata ba tare da ya tambaye ka ba. A watan Oktoba na 2020, hukumar Public Health England ta Ingila ta bayyana cewa mutum 15,841 da gwaji ya nuna suna ɗauke da cutar korona ba su shiga rahoto a kan lokaci ba, saboda an yi amfani da tsohon nau'in fayil ɗin Excel mai suna XLS wanda ba ya ɗaukar fiye da layi 65,536. Bayanan da suka wuce iyakar sun faɗi, kuma babu abin da ya yi ƙara. Abin da yake kama irin wannan kuskure shi ne ɗabi'ar nan da na ce ka fara da ita, ta ƙirga layuka kafin aiki da bayan aiki.

Saura matsala ta uku, wadda ta fi sauran kama mutane, har da waɗanda suka daɗe a aikin. Manaja zai ce, to waɗanda aka biya fa, an biya su cif? Idan ka haɗa fayil biyun kai tsaye da `LEFT JOIN` ka tara kuɗin takardu, za ka ga jimlar ta haura abin da ka rubuta da farko, kuma layuka sun zama 4,335 maimakon 4,170. Dalili shi ne akwai takarda 165 da aka biya kashi biyu, kuma haɗawar tana maimaita takarda sau ɗaya ga kowane biya da ta samu. Takarda ta 500 da aka biya 300 sannan 200 za ta fito layi biyu, kowanne ɗauke da 500, sai a ƙirga ta 1,000. Maganin shi ne ka fara tara biyan kowace takarda ya zama layi ɗaya, sannan ka haɗa:

```sql
SELECT t.lamba, t.adadi, b.jimla
FROM takardu t
JOIN (SELECT lamba, SUM(adadi) AS jimla
      FROM biya GROUP BY lamba) b
  ON b.lamba = t.lamba
WHERE t.adadi <> b.jimla;
```

Wannan zai ba ka takardun da aka biya ƙasa da adadinsu ko sama da shi. Sai ka juya tambaya ta biyu ta ɗaya ɓangaren, ka nemi biyan da ba shi da takarda ko ɗaya, a ce ka sami 25. Yanzu ka gwada ko lissafinka ya rufe. Takarda 4,170 ban da 410 da ba a biya ba, saura 3,760. Ƙara 165 na biya na biyu, ya zama 3,925. Ƙara 25 marasa takarda, ya zama 3,950, wato daidai adadin layukan fayil ɗin biya. Idan lissafin ya rufe haka, kana iya sa hannu. Idan ya rage ko da ɗaya ne, akwai abin da ba ka gano ba tukuna, kuma gara ka kwana a kansa da ka miƙa.

Ka lura da abin da za ka kai wa manaja. Rabin shafi ne: ga layukan da na karɓa, ga 30 da na cire da dalili, ga 7 da na gyara, ga 410 da ba a biya ba da jimlar kuɗinsu, ga waɗanda biyansu bai cika ba, ga 25 da suke buƙatar akanta ya duba. A haɗe da shi akwai jerin kowane rukuni. Wannan rabin shafin shi ne abin da ake biya da daraja, domin mai karanta shi zai iya ɗaukar mataki a ranar, kuma idan odita ya tambaya akwai amsa. Tambayoyin da ka rubuta kuma ka adana su, domin wata mai zuwa aikin da ya ci maka kwana biyu zai ɗauki awa ɗaya ko biyu.

Game da lokacin koyo, a ganina awa ɗaya a rana na tsawon wata uku ya isa mutumin da ya riga ya saba da tebur ɗin bayanai ya kai matakin misalin nan. Makonni biyu na farko ka ba `SELECT` da `WHERE` da `ORDER BY`, sannan `GROUP BY` da ƙirge da tarawa, sauran lokacin duka ka ba `JOIN` da `NULL`, domin a nan ne wahalar take. `NULL` musamman yana da hali na daban: `lamba = NULL` ba ya taɓa fitowa gaskiya, dole sai `IS NULL`, kuma `COUNT(*)` yana ƙirga duk layuka alhali `COUNT(adadi)` yana tsallake waɗanda babu komai a cikinsu. Sauran sassan SQL masu zurfi ka bar su sai aiki ya nema. Kada kuma ka yi ta tara kwas a kan kwas. Darussan intanet yawanci suna ba ka bayanai masu tsabta, waɗanda kowace tambaya take fitowa daidai a kansu, alhali abin da za a biya ka dominsa shi ne bayanai masu datti. Ka ƙirƙiri fayil biyu na gwaji masu layi ɗari biyu, ka dasa musu kurakuran da ka sani da hannunka, ka ajiye su mako guda har ka manta inda ka sa su, sannan ka nemo su.

A nan akwai gargaɗi da ba na so ka ɗauka da wasa. Bayanan wurin aikinka amana ce, kuma ƙasashe da yawa suna da dokar kare bayanan mutane. Kada ka kwafe su zuwa kwamfutarka ta gida ko ka ɗora su a wani shafin intanet domin gwaji. Idan kana so ka gwada a kan na gaske, ka nemi izini, ka yi a kan na'urar ofis, kuma a kan kwafi. Haka nan idan za ka nuna wa sabon mai ba da aiki misalin abin da ka iya, ka nuna masa na fayil ɗin gwaji.

Wani zai ce me ya sa ba Power Query ba, tunda yana cikin Excel tun daga na 2016, kuma yana iya cire maimaici da haɗa tebur biyu ba tare da an rubuta umarni ba. Maganarsa tana da ƙarfi. Idan wurin aikinka komai a Excel ake yi, fayilolinku ba su kusanci iyakar layi 1,048,576 ba, kuma ba ka da niyyar barin wurin nan kusa, to Power Query zai fi saurin ba ka sakamako, kuma tunanin iri ɗaya ne. Na fifita SQL ne domin yana tilasta maka ka fahimci abin da haɗawa take yi, yana barin rubutaccen umarni da wani zai iya dubawa, kuma ana yawan ambatonsa a sanarwar neman ma'aikatan bayanai. Ko wanne ka zaɓa, ka tsaya a kan ɗaya har ka ƙware. Python kuma, harshen rubuta manhaja, ka jinkirta shi.

Sai maganar kuɗi, wadda ita ce ta kawo ka. Iya aikin ba ya ƙara albashi da kansa, kuma abin da na fi gani yana faruwa shi ne mutum ya nuna ya iya, sai a ɗora masa tantancewa a kan bugun layin da yake yi, a ci gaba da biyansa a kan layi. Hanyar kauce wa wannan ita ce ka yi sau ɗaya ko biyu a matsayin gwaji, ka rubuta awannin da aikin yake ci a da da waɗanda yake ci yanzu, da adadin kurakuran da aka kama, sannan ka nemi a zauna a ware shi a matsayin aiki na daban mai farashinsa. Kada ka yarda a biya tantancewa a kan layi ko a kan awa, domin duk lokacin da ka ƙara ƙwarewa sai kuɗinka ya ragu. Ka nemi a biya a kan rahoto, wato kowane wata ko kowane fayil da aka daidaita. Idan an ƙi bayan wata biyu ko uku, kana da abin da za ka nuna a wani wuri, kuma guraben da za ka nema su ne na mai tantance bayanai, ko mataimakin akanta mai daidaita lissafi, ko mai haɗa rahoto.

Ka kuma san iyakar abin. Wannan ilimi bai mai da kai akanta ba. Kai za ka ce ga biya 25 da ba su da takarda, amma ko kuɗin ajiya ne, ko kuskuren banki, ko wani abin da ya fi haka muni, hukuncin na akanta ne, kuma kada ka rubuta zargi a rahotonka. Idan kuma ka bi fayil ɗinka ka tarar babu wanda yake gwama shi da komai, ana adana shi ne kawai, to wurin aikinka na yanzu ba shi da buƙatar wannan sana'a, kuma sai ka koye ta da niyyar kai ta wani wurin tun daga farko.